Rahoton Wata: Jera Aiki ko Kawo Shawara?

A ƙarshen kowane wata, ƙaramin ma'aikacin sashen talla yakan aje wa darakta takardar sakamako. Iri biyu ce ake yawan gani. Ɗaya tana jera abin da aka yi: hotuna nawa aka saka a Facebook, mutum nawa suka gani, sau nawa aka sanar a rediyo. Ɗayar tana bin sawun kuɗi, daga inda suka fita zuwa inda suka dawo.

A ce kamfanin man shafawa ne a Kano, ya kashe naira 600,000 a wata: 400,000 a Facebook, 200,000 a rediyo. Mai jera aiki zai buɗe da cewa tallan Facebook ya jawo saƙo 800 a WhatsApp. Ba ƙarya ya yi ba, kuma lambar tana da daɗin ji. Sai dai darakta zai gama karantawa bai san inda zai sa kuɗin watan gobe ba.

Mai bin sawun kuɗi zai ce cikin 800 ɗin, mutum 40 ne suka saya, wato kowane mai saye ya ci naira 10,000. Rediyo kuwa ya kawo 50, kowanne a kan 4,000. Idan ribar ciniki ɗaya 6,000 ce, Facebook asara ya jawo. Zai kuma faɗi yadda ya raba su: lambar wayar da aka karanta a rediyo daban take da wadda aka sa a Facebook. In ba a yi haka tun farkon wata ba, rabon duk ƙiyasi ne.

Ni ta biyun na fi so, amma tana da tarkonta, kuma tarkon ya fi kama mai ƙwazo. Da ya ga wannan lissafi, sai ya rubuta a daina Facebook gaba ɗaya. To, saƙo 800 da suka haifar da ciniki 40 kacal ba lallai laifin tallan ba ne. Wataƙila mai riƙe da wayar sai washegari yake amsawa, kafin nan mai tambaya ya saya a wani wuri. Sannan idan watan ya faɗo gab da Sallah, ciniki zai tashi ko ba talla, don haka da lokacin Sallar bara ya kamata a gwada, ba da watan jiya ba.

Shi ya sa takarda mai kyau ke neman canji daidai gwargwadon hujjarta: "Ranka ya daɗe, ina ba da shawarar a mayar da naira 100,000 daga Facebook zuwa rediyo, a bar sauran abubuwa yadda suke, mu ga ko rediyo zai riƙe farashinsa." In aka canza abu uku lokaci guda, ba za a gane wanda ya yi aiki ba.

Jerin ayyukan ma ba a yar da shi. A maƙala shi a shafi na biyu, domin ranar da darakta ya tambayi sau nawa aka sanar a rediyo, can za a duba.