Jadawalin kasafin gida: yadda za ka sa lissafi ya haɗa kansa

Magidanta da yawa sun taɓa sayen littafi don rubuta abin da suke kashewa, kuma yawanci rubutun ba ya ba su wahala. Inda ake sarewa shi ne ƙarshen wata, idan aka zo tsince kuɗin cefane daga cikin kuɗin mota da na magani, a tara kowanne daban. Wannan aikin ne manhajojin lissafi irin su Excel da Google Sheets suke ɗauke wa mutum, kuma Google Sheets kyauta ce, tana aiki a wayar hannu. Amma shirya jadawalin tun farko ya fi sauƙi a kwamfuta, daga baya sai a riƙa cika shi a waya.

Tsarin ba shi da yawa. Ginshiƙai huɗu ne na shigar da bayani: A na kwanan wata, B na abin da aka saya, C na rukuni, D na adadin kuɗi. Kowane kuɗi da ya shigo ko ya fita yana samun layinsa guda. A gefe, a ginshiƙin F, sai a jera sunayen rukunai daga F2 zuwa F9: Shiga, Abinci, Sufuri, Wuta da ruwa, Kati, Lafiya, Zumunci, Ajiya. Takwas sun isa gida. Wanda ya raba abinci gida biyar, na hatsi daban, na miya daban, na kayan shayi daban, da wuya ya kai mako uku bai gaji ba. Zumunci kuwa kada a bar shi a baya, domin gudummawar biki da suna da ta'aziyya da abin da ake aika wa iyaye kuɗi ne na gaske, kuma su ne mutane suka fi jin nauyin rubutawa.

A gidan G2 za a rubuta wannan, sannan a ja shi ƙasa har G9:

```
=SUMIF(C:C,F2,D:D)
```

Ma'anarsa ita ce: duba ginshiƙin C, duk layin da ka ga sunan da ke F2, ka tara kuɗin da ke gabansa a D. Daga nan duk abin da aka shigar, jimillar rukuninsa za ta canja nan take. Masu karatu a Nijar da Excel ɗinsu ke cikin Faransanci za su rubuta SOMME.SI a maimakon SUMIF, su kuma raba sassan da alamar ; a wurin waƙafi. Sai ragowar kuɗi a G11:

```
=G2-SUM(G3:G9)
```

Mu ƙaddara wani malamin makaranta da albashinsa naira 150,000 ne, uwargida kuma tana samun 40,000 a ɗinki, sun kuma amince su haɗa lissafi. Shiga ya zama 190,000. A watan sun kashe 22,000 a sufuri, 12,000 a wuta da ruwa, 7,000 a kati, 9,000 a lafiya, 15,000 a zumunci. Abinci ya nuna 72,000. Ajiya kuma 39,000, kuma a nan ne ya kamata a tsaya a yi bayani. Kuɗin hayarsu 240,000 ne a shekara, ana biya lokaci guda, don haka kowane wata suna ware 20,000. Kuɗin makarantar yara 36,000 ne a zango, zango uku a shekara, wato 108,000, idan aka raba gida goma sha biyu ya zama 9,000 a wata. Sai zubin adashi 10,000. Gidan da bai yi wannan rabon ba, jadawalinsa zai riƙa nuna masa rara wata bayan wata, sai ranar da mai gida ya aiko ko aka koma makaranta a ga ashe rarar ba tasu ba ce. Haka ya kamata a yi da kayan azumi, ɗinkin salla da ragon layya.

Da waɗannan alƙaluma, G11 ya ce saura 14,000. Sai dai wannan ba daidai ba ne, kuma manhajar ba za ta ce uffan ba. A wani layi an rubuta «Abinchi» a maimakon «Abinci» a gaban man gyaɗa na 6,000. SUMIF ba ta damu da babban baƙi ko ƙarami ba, amma harafi ɗaya da ya ƙaru, ko ɗan fili da yatsa ya bari bayan kalma, ya isa ta tsallake layin gaba ɗaya. A ganina wannan ne babban haɗarin jadawalin da ke tara kansa: mutum ya yarda da shi saboda na'ura ce ta yi, alhali ta bar wani abu a waje. Shi ya sa nake ɗaukar gidan G12 a matsayin mafi muhimmanci a duk shafin:

```
=SUM(D:D)-SUM(G2:G9)
```

Yana kwatanta duk kuɗin da aka shigar da abin da rukunai suka tara. Dole ya nuna sifili. A gidan malamin ya nuna 6,000, da aka gyara rubutun sai Abinci ya koma 78,000, ragowa ta sauko 8,000. Maganin dindindin shi ne a zaɓi ginshiƙin C, a shiga Data, sannan Data validation, a ɗaure shi da jerin F2 zuwa F9, yadda za a riƙa zaɓar rukuni daga jeri maimakon rubuta shi da hannu.

Akwai kuskuren da G12 ba zai kama ba. Idan aka rubuta N5,000 ko 5k a ginshiƙin D, manhajar za ta ɗauke shi a matsayin rubutu, kuma duka lissafin biyu za su tsallake shi tare. Alamarsa ita ce lambobi na gaske suna jingina dama a cikin gidansu, rubutu kuma yana jingina hagu. A rubuta 5000 kawai.

Sauran tantancewa sai da hannu. A ƙarshen wata a haɗa abin da ke banki da na aljihu da na hannun uwargida, ban da ajiya. Idan jadawali ya ce 8,000 amma aka tarar da 3,500, to akwai 4,500 da ba a rubuta ba, yawanci kuɗin tara na yara, ruwan leda da cajin mai POS. Cire kuɗi a POS ba kashewa ba ne, cajin kaɗai ake rubutawa. Haka nan ranar da aka ɗauki kuɗin haya daga ajiya aka biya, ba a sake shigar da shi, tunda an riga an lissafa shi kaɗan-kaɗan. Kwasar adashi ma kuɗinka ne ya dawo, wurinta shafin ajiya, idan ba haka ba watan zai yi kama da wanda aka ƙara albashi.

Zanen taƙaitawa aikin minti ɗaya ne. A zaɓi F3 zuwa G9, a bar Shiga a waje domin zai danne sauran, a shiga Insert a ɗauki zane. Na fi son na sanduna a kan mai da'ira, domin ido ya fi saurin bambanta tsawo, musamman tsakanin 12,000 da 15,000. A gidan malamin sandar Abinci ta ninka ta Ajiya daidai, Zumunci kuma ya wuce Lafiya da Kati kowannensu. Idan sabon wata ya kama, a kwafi shafin, a share layukan A zuwa D ban da kanunsu, a shigar da ragowar watan jiya a layin farko ƙarƙashin Shiga.