Yadda Ake Tsara Jadawalin Biyan Bashi Wata-Wata

Jadawalin biyan bashi takarda ce da ke nuna yadda rance zai ƙare, daga biyan farko zuwa na ƙarshe. A irin rancen da ake biyan adadi ɗaya kowane wata, kuɗin da mai bashi yake miƙawa ba ya canzawa, amma abin da ke cikinsa yana canzawa. Kowane biya kashi biyu ne: kuɗin ruwa, wato abin da mai ba da rance yake caja kan kuɗinsa, da kuma uwar kuɗi, wato abin da ke rage ainihin bashin. A watannin farko ruwa ne ke da kaso mai tsoka. Yayin da bashin ke raguwa sai kasonsa ya riƙa ƙanƙancewa, na uwar kuɗi kuma ya riƙa girma. Aikin jadawalin shi ne ya fito da wannan rabo fili, layi bayan layi.

Ƙa'ida ɗaya ce ke riƙe da lissafin gaba ɗaya: ana cajin ruwa ne a kan ragowar bashin da ake bin mutum a farkon watan, ba a kan abin da ya karɓa tun asali ba. Wanda ya gane wannan zai iya tsara jadawalin da biro da takarda da kalkuleta.

Kafin a fara, sai an tantance abubuwa uku: yawan kuɗin da aka ranta, yawan lokutan biya, da kuma kason ruwa na kowane lokacin biya. A ɗauki misalin tela da ya karɓi rancen naira 600,000 don sayen kekunan ɗinki, zai biya cikin wata 6, a kan ruwa kashi 36 cikin ɗari a shekara. Tunda biyan na wata-wata ne, dole a mayar da ruwan shekara zuwa na wata, a raba 36 gida 12, a sami kashi 3 cikin ɗari, wanda a lissafi ake rubutawa 0.03. Nan ne mutane da yawa ke fara tuntuɓe, su sa ruwan shekara a gurbin na wata, sai amsar ta fito ninkin-ba-ninkin.

Mataki na farko shi ne gano adadin da za a riƙa biya. Ruwan watan farko naira 18,000 ne, wato kashi 3 na 600,000. Da telan zai riƙa biyan 18,000 kaɗai, bashin ba zai taɓa motsawa ba. Da kuma zai biya 100,000 a wata, wato kuɗin da aka raba gida shida, zai kai wata na shida da saura a kansa, domin ruwa ya ci wani ɓangare. Abin da ake nema shi ne adadi guda wanda zai biya ruwan kowane wata, ya kuma rage bashin ta yadda zai ƙare daidai a biya na shida. Dabarar da ke ba da shi ita ce:

```
A = P × r ÷ (1 − (1 + r)^−n)
```

A nan P shi ne kuɗin da aka ranta, r ruwan wata, n yawan watanni, A kuma adadin biya. A kalkuleta ana ninka 1.03 da kansa har ya bayyana sau shida, a sami 1.194052297. A raba 1 da wannan, a sami 0.837484257. A cire shi daga 1, saura 0.162515743. Sai a raba 18,000 da wannan, amsar ta zama naira 110,758.50. Yana da kyau a bar lambobin da tsawonsu har ƙarshe, domin wanda ya datse zuwa 0.162516 zai sami 110,758.33, kuma kobo 17 ɗin nan za su hana jadawalin rufewa daidai.

Daga nan sai aikin layi-layi, kuma tsarinsa ba ya sauyawa: a fitar da ruwa tukuna, abin da ya rage na biyan shi ne uwar kuɗi, a cire shi daga bashin. A wata na ɗaya, ruwa 18,000 ne. Idan aka cire shi daga 110,758.50, saura 92,758.50, kuma wannan ne kawai ya taɓa bashin. Ragowar ta zama 507,241.50. A wata na biyu, kashi 3 ɗin a kan wannan sabuwar ragowa za a ɗauke shi, sai ruwa ya sauko zuwa 15,217.25. Tunda biyan bai canza ba, abin da ya ragu daga ruwa ya koma wajen uwar kuɗi, ta zama 95,541.25. Haka ake tafiya har ƙarshe:

| Wata | Bashi a farkon wata | Kuɗin ruwa | Uwar kuɗi | Ragowa |
|---|---|---|---|---|
| 1 | 600,000.00 | 18,000.00 | 92,758.50 | 507,241.50 |
| 2 | 507,241.50 | 15,217.25 | 95,541.25 | 411,700.25 |
| 3 | 411,700.25 | 12,351.01 | 98,407.49 | 313,292.76 |
| 4 | 313,292.76 | 9,398.78 | 101,359.72 | 211,933.04 |
| 5 | 211,933.04 | 6,357.99 | 104,400.51 | 107,532.53 |
| 6 | 107,532.53 | 3,225.98 | 107,532.53 | 0.00 |

Layin ƙarshe yana buƙatar lura. Da an bi biyan 110,758.50 kamar sauran watanni, da kobo 1 ya rage a kan telan, saboda kowane wata ana daidaita ruwa zuwa kobo mafi kusa. Hanyar da aka saba bi ita ce a sa uwar kuɗin watan ƙarshe ta zama duk abin da ya rage, a ɗora ruwansa a kai. Biyan ƙarshe ya zama 110,758.51. Bambancin 'yan kobo a wannan layi ba aibu ba ne. Idan kuwa ragowar ta kai ɗaruruwa ko dubbai, to akwai kuskure a baya.

Gano kuskuren ba shi da wuya. Jimillar uwar kuɗi dole ta koma 600,000 cif. Jimillar ruwa a nan 64,551.01 ce, kuma idan aka haɗa su biyun dole su yi daidai da duk abin da aka biya, wato 664,551.01. Akwai kuma wata alama mai amfani: uwar kuɗin kowane wata tana fin ta watan baya da kashi 3 cikin ɗari, daidai da ruwan rancen. Idan aka ninka 92,758.50 da 1.03 za a sami adadin wata na biyu, in ban da ɗan bambancin kobo. Duk layin da ya karya wannan tsari, nan ne ya kamata a koma a duba.

Mai kwamfuta zai iya barin manhajar Excel ko Google Sheets ta yi aikin. Umarni na farko a ƙasa yana ba da adadin biya, na biyu ruwan wata na biyu, na uku uwar kuɗin wannan watan:

```
=PMT(3%,6,-600000)
=IPMT(3%,2,6,-600000)
=PPMT(3%,2,6,-600000)
```

Alamar ragewa da ke gaban 600000 ita ke sa amsar ta fito ba tare da wannan alama ba. Sai dai waɗannan umarnai ba sa daidaita kobo, kuma suna ɗauka cewa an biya komai a kan lokaci. Don jadawalin da za a yi aiki da shi a zahiri, ya fi kyau a gina shi layi-layi, a sa `ROUND` a gurbin ruwa, kowane layi ya ɗauko ragowar na samansa. Ta haka idan mai bashi ya ƙara wani abu a kan biyan wata guda, ana cire shi daga ragowar, sauran layukan su gyara kansu.

Jadawalin yana amsa tambayar da ke yawan jawo sa-in-sa tsakanin mai bashi da ma'aikacin banki. Telan da ya biya wata uku cikin shida zai iya zaton ya biya rabi. Amma ragowarsa 313,292.76 ce, ta haura rabi, domin daga cikin abin da ya biya, 45,568.26 ruwa ne. A rance mai dogon zango abin ya fi fitowa fili. Wanda ya ranci naira miliyan 10 na shekara 10 a kan kashi 18 a shekara zai riƙa biyan kimanin 180,185 a wata, kuma a watan farko 150,000 daga ciki ruwa ne, kimanin 30,185 kacal ke rage bashin. Wannan ba alamar maguɗi ba ce, sakamakon girman ragowar ne a farkon tafiya. Shi ya sa ƙarin biya a shekarun farko ya fi rage ruwa nesa ba kusa ba a kan wanda aka yi daf da ƙarshe, muddin yarjejeniyar ba ta ɗora tara a kan biya da wuri ba.

Inda ya fi kamata mai karɓar rance ya buɗe ido shi ne wajen bambanta wannan tsari da wani mai kama da shi. Wasu masu ba da rance suna cajin ruwa a kan kuɗin asali har ƙarshen wa'adi, kamar ba a biya komai ba. A misalin telan, 18,000 ne kowane wata har sau shida, jimilla 108,000, biyan wata kuma 118,000. Dukansu biyun ana kiran su "kashi 3 a wata", amma na biyun ya fi tsada da kusan naira 43,449. Idan aka auna shi da ma'aunin ragowar bashi, ruwansa na gaskiya ya kusa kashi 5 a wata. Ana gane shi daga kallo ɗaya: gurbin ruwa a jadawalinsa ba ya raguwa. Tambayar da ya wajaba a yi kafin sa hannu ita ce ko ruwan a kan ragowa yake ko a kan kuɗin asali.

Jadawalin yana da iyakarsa. Yana ɗauka cewa watanni duka tsawonsu ɗaya, alhali wasu bankuna suna lissafin ruwa da kwanaki, sai na Fabrairu ya gaza na Maris. Ba ya nuna kuɗin hidima ko na inshora da ake cirewa tun kafin kuɗin su shiga hannu, waɗanda ke ƙara tsadar rancen. Idan kuma aka canza kason ruwa a tsakiyar wa'adi, ko aka tsallake biya, tsohon jadawalin ya tashi aiki. Sai a ɗauki ragowar ranar a matsayin sabon P, watannin da suka rage a matsayin n, a sake lissafi daga nan.

Musulmi da yawa suna guje wa rance mai ruwa saboda haramcin riba, su nufi bankuna irin su Jaiz, wanda ya fara aiki a Najeriya a 2012. A cinikin murabaha banki ne ke sayen kayan, ya sayar wa abokin ciniki a kan farashin da aka amince da shi, wanda ya ƙunshi kuɗin saye da ribar ciniki, a biya kaɗan-kaɗan. Can ma akwai jadawalin biya, amma jimillar farashin a yanke take tun ranar ciniki. Don haka ragowar da ke kan abokin ciniki ita ce farashin da aka yanke bayan an cire abin da ya riga ya biya, kuma rangwame ga wanda ya biya da wuri ya danganta ne da tsarin bankin, ba da dabarar da aka yi bayani a sama ba.