Auna lafiyar jerin kurakuran manhaja: daɗewar kuskure da yawan sake buɗewa

A cikin wannan ƙasida za mu duba yadda ake gane halin da jerin kurakuran manhaja yake ciki, wato rahotannin da aka shigar amma ba a warware ba. Yawansu kaɗai ba ya nuna kome. Ma'auni biyu ne muke ganin sun fi amfani, kuma tare ake karanta su.

Na farko shi ne daɗewa: kwanakin da rahoto ya yi tun ranar da aka shigar da shi. Mu ƙaddara wata ƙungiya a Yamai tana kula da manhajar da asibitocin karkara suke aika alƙalumansu da ita, har da na Karakara a jihar Doso. Tana da rahoto 40 a buɗe. Idan aka tara kwanakinsu aka raba da 40, sai a sami 95. Amma idan aka jera su daga sabo zuwa tsoho, na tsakiya kwana 30 ne kacal. Wannan tazara tana nuna cewa ƴan kaɗan ne suka tsufa ƙwarai, a nan guda 6 da suka wuce shekara. Su ya kamata a fara bincika.

Sai dai wannan ma'auni yana da sauƙin ruɗarwa, domin rufe tsofaffin rahotanni ba tare da gyara ba yakan sa jerin ya zama kamar sabo. A nan ne ma'auni na biyu yake shigowa:

```
kaso = (sake buɗewa / rufewa) × 100
```

A wata uku ƙungiyar ta rufe rahoto 60, 12 suka dawo, wato kashi 20 cikin ɗari. Bai kamata a tsaya nan ba. A tsarin Bugzilla, wanda Mozilla ta fitar a 1998, kowane rufewa yana da dalilinsa. Cikin 45 da aka rufe da `FIXED`, 3 suka dawo. Cikin 15 da aka rufe da `WORKSFORME`, wato mai gyara bai ga kuskuren a na'urarsa ba, 9 suka dawo. Ashe ba gyaran ne yake da rauni ba. An gwada a ofis mai layi mai ƙarfi, alhali kuskuren sai layi ya katse ana cikin aikawa yake bayyana. Binciken da Zimmermann da abokan aikinsa suka yi kan Windows a 2012 ya ambaci wahalar sake ganin kuskure cikin dalilan sake buɗewa.

Akwai sharaɗi biyu. Rahoton da ya dawo ya riƙe ranarsa ta asali, in ba haka ba daɗewarsa ta ɓace. Sa'annan a jinkirta lissafi: idan ma'aikacin Karakara sau ɗaya a wata yake aikawa, gyaran da aka rufe ranar 10 ba zai gwadu ba sai farkon watan gaba.