Ɗaura wa Hoto Taye

Saurayi ya kawo wa mai hoto hotonsa na fasfo, sanye da farar shat, yana son a sa masa taye don takardar neman aiki. A Photoshop aikin ba wuya, amma ido kan gane na jabu nan take.

Sirrin yana wuyan riga. Taye na gaske yana shiga ƙarƙashin kwala, don haka sai a yanko fikafikan kwalar biyu, a ɗora su bisa ƙullin. Wanda ya manna taye a saman kwala ya tona kansa. Ƙullin kuma ya zauna daidai kan maɓallin sama, ya rufe shi. In maɓallin a buɗe yake, aiki ya ƙaru, gara a sake ɗaukar hoton.

Sai inuwa. Dubi hancin mutumin: in inuwarsa ta faɗi dama, ta taye ma dama za ta faɗi. A zana ta a layi na daban da aka sa wa Multiply, mai duhu a gindin ƙulli, tana dusashewa a ƙasa. Ɗan lotsawar nan da ke ƙasan ƙulli, kada a goge ta.