Roƙon Sassauci: Abin da Ya Kamata Alƙali Ya Fara Ji

Idan kotu ta kama mutum da laifi, akwai 'yar dama da ake ba shi kafin a yanke hukunci, ya roƙi sassauci da bakinsa ko ta bakin lauyansa. Da yawa a nan suke ɓarar da damarsu. Sai ka ji an fara da “Ranka ya daɗe, ina da mata da 'ya'ya,” alhali alƙali ya ji wannan har ya gaji, kuma wanda aka cuta ma yana da iyali.

A ce wani matashi ne mai gyaran waya a Abuja ya saci waya ta naira 150,000, ya amsa laifinsa a kotun majistare, kuma bai taɓa shiga hannun hukuma ba. Sashe na 287 na kundin Final Kod ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 5, ko tara, ko duka biyun. Wato alƙali na da zaɓi, kuma kan wannan zaɓin ake roƙo.

Lauyan da ya san aikinsa da laifin yake farawa. Zai ce yaron ya yi, bai wahalar da kotu ba, bai ɗauki makami ba, an kuma mayar da wayar. Duk wanda ya tsaya yana cewa sharri aka yi masa bayan an riga an kama shi da laifi, nadamarsa ya rushe da hannunsa.

Daga nan sai doka. Sashe na 416 na Dokar Tafiyar da Shari'ar Laifuka ta 2015 ya hana a ɗora wa mai laifin farko hukunci mafi tsanani, ya kuma ce a lissafa zaman da ya yi a tsare yana jiran shari'a. Sashe na 401 ya sa gyaran hali da mayar wa mai haƙƙi haƙƙinsa cikin manufofin hukunci.

Sai yanzu maganar gida ke da nauyi, domin ta sami abin jingina. Kuma shaida ake so: maigidansa ya tsaya gaban kotu ya ce zai mayar da shi bakin aiki, a nuna takardar asibitin mahaifiyar da yake ɗawainiya da ita. A ganina, maigidan nan ya fi hawaye amfani nesa ba kusa ba, don shi ne ke nuna wa alƙali inda yaron zai dosa gobe.

A ƙarshe a faɗi abin da ake so ƙarara, kuma ya zama wanda doka ta yarda da shi. Sashe na 460 ya hana dakatar da hukunci idan ɗaurin laifin ya wuce shekara 3, don haka a nan tara za a roƙa, daidai ƙarfin yaron, ko a wadatu da watannin da ya riga ya yi a gidan gyaran hali.