Yadda Ake Kwafe Takardar Kadarori da Basussuka Daga Hoto a Tabbatar da Jimillarta

Takardar kadarori da basussuka tana nuna abin da kamfani ko ƙungiya ta mallaka a wata rana guda, da bashin da ake bin ta, da kuma jarin masu ita. Ƙa'idarta ɗaya ce: jimillar kadarori dole ta yi daidai da basussuka haɗe da jari. Sau da yawa takardar kan iso hannun mutum a matsayin hoton waya, kuma wannan ƙa'ida ce ke ba shi damar gane ko ya kwafe ta daidai.

Kafin a ɗauki ko lamba ɗaya, ana fara karanta kan takardar. A nan ake ganin ranar da aka rufe lissafi da ma'aunin kuɗin. Idan an rubuta N'000, kowace lamba dubbai take nufi, wato 725 naira 725,000 ce. Daga nan sai a tantance jerin lambobin da ke tsaye: galibi akwai na bana, da na bara, da wani siriri mai ƙananan lambobi kamar 12 ko 13, wanda nuni ne kawai ga ƙarin bayani a wani shafi, ba kuɗi ba. A Nijar, inda ake rubuta takardar da Faransanci, tazara ko ɗigo ke raba dubbai, waƙafi kuma na raba ɓarin lamba, saɓanin yadda aka saba a Najeriya.

Ko da hannu aka kwafa, ko da manhajar da ke karanta rubutu daga hoto, kowane asusu yana samun layinsa: suna a gefe, adadi a gabansa. Hoton da ya karkace shi ne babban haɗari, domin adadi kan zame ya faɗa gaban sunan da ke ƙasa. Layukan jimilla kuma ana yi musu alama ta dabam, don kada a sake tara su tare da asusun da suka ƙunsa.

A ɗauka wata ƙungiyar gama kai ce, lambobinta a dubban naira. Gini da kayan aiki 4,250, kaya a sito 1,860, bashin da take bin mutane 940, kuɗi a banki 725. Jimillar da aka buga 7,775. A ɗaya ɓangaren, bashin banki 2,000 da na masu kawo kaya 1,305 sun ba da 3,305. Jari 5,000 ne, sai asarar da ta taru 530, wadda aka sa cikin baka domin cirewa ake yi, saura 4,470. Haɗa 3,305 da 4,470 ya ba da 7,775. A Excel, idan kadarorin suna C2 zuwa C5, jimillar da aka buga tana C6, wannan ya kamata ya ba da sifili:

```
=SUM(C2:C5)-C6
```

Idan bai ba da sifili ba, girman bambancin kansa kan nuna inda matsalar take, kuma sanin karanta shi ya fi komawa farko a sake kwafe komai. Bambancin 180 yana rabuwa da 9 ba saura, alamar cewa lambobi biyu sun yi musayar wuri: an rubuta 1,680 maimakon 1,860. Bambancin 600 kuwa, lamba ɗaya sai sifilai, yana nuna an karanta lamba guda ba daidai ba a gurbin ɗaruruwa, kamar 725 da ta koma 125, domin 7 da 1 kan rikice a hoto mai duhu, haka ma 3 da 8. Bambancin 1,060 sai a raba shi biyu: 530 ta fito, wato baka ta ɓace, aka tara asarar maimakon a cire ta. Idan kuma bambancin ya yi daidai da adadin wani asusu, an tsallake layinsa, ko kuwa Excel ya ɗauki lambar a matsayin rubutu, SUM ta bar ta a waje. Irin wannan lamba kan manne da gefen hagu na gurbinta.

Bambancin 1 kacal a takardar da ke dubbai yawanci daga cike lambobi yake tasowa. Idan an duba hoton sau biyu kuma bambancin bai gushe ba, ƙila kuskuren daga ainihin takardar yake. A nan ba a gyara lamba don ta dace; ana kwafe abin da aka buga, a rubuta bambancin a gefe, a sanar da wanda ya shirya ta.

Daidaituwar jimilla tana da iyaka. Idan 940 da 725 suka yi musayar suna, jimilla za ta tsaya a 7,775, alhali an nuna kuɗin banki ya fi yadda yake. Shi ya sa matakin ƙarshe shi ne bin hoton layi bayan layi, a haɗa kowane suna da adadinsa, sannan a maimaita dukan lissafin a kan jerin bara.