Yadda Damuwar Rashin Aiki Ke Rage Sha'awar Magidanci

Raguwar sha'awar aure ga magidancin da ya rasa aiki, ko bashi ya yi masa katutu, tana farawa ne daga ƙwaƙwalwa. Idan damuwa ta daɗe, jiki yana yawaita sinadarin kotisol, wanda ke danne sinadarin mazakuta. Rashin barci yana ƙara dagula lamarin, domin cikin barci ne jiki ya fi samar da sinadarin mazakutar.

Akwai alamar da ke taimakawa wajen gano tushen matsalar. Mutumin da aka sallama daga aiki, sha'awarsa ta ragu farat ɗaya, amma gabansa yana miƙewa da asuba, galibi matsalarsa daga damuwa take. Idan kuwa raunin ya zo sannu a hankali, miƙewar asuba ma ta ɓace, ya kamata a gwada ciwon suga da hawan jini a asibiti.

Magance ta yana farawa da bayyana wa uwargida halin da ake ciki, don kada ta zaci ƙiyayya ce. Barcin awa 7 zuwa 8 da tattakin minti 30 kullum suna sassauta damuwa. Maganin ƙarfin maza ba ya dawo da sha'awa, kuma yana da haɗari ga masu ciwon zuciya. Idan baƙin ciki ya wuce mako 2, sai a ga likita.